Jadawali ko zane: wanne za ka kai gaban kwamiti a ƙarshen wata?

Kwamitin rijiyar burtsatsen unguwarmu mutum tara ne. Akwai mai unguwa da liman, da wani tsohon hedimasta, da 'yan kasuwa biyu, da Hajiya mai wakiltar mata, da wani matashi, sai ma'aji, sai ni da nake riƙe da aikin sakatare. Duk ƙarshen wata muna zama a zaure bayan la'asar, a karanta abin da aka samu daga sayar da ruwa da abin da aka kashe. Babu akawu a cikinmu. Amma kowa ya san kuɗi, kuma kowa ya san kuɗin nan amanar jama'a ne.

Hanya biyu ce ta ajiye alƙaluma a gaban irin waɗannan mutane. Ɗaya ita ce jadawali, wato lambobi a jere cikin gidaje, suna a hagu, kuɗi a dama, jimla a ƙasa. Ɗayar kuma zane, inda ake mai da lambobin sanduna masu tsawo daban-daban, ko layi mai hawa da sauka, ko da'irar da aka yayyanka. Na gwada duka biyun a wannan zaure, kuma abin da na gano shi ne zaɓin ba ya rataya ga ilimin 'yan kwamiti kamar yadda ake zato. Yana rataya ne ga abin da ake so su yi da takardar kafin a tashi. In za su duba su amince su sa hannu, jadawali suke buƙata. In kuwa za su yanke shawara a kan abin da ke tafe, sau da yawa sai da zane.

Ga alƙaluman shekara guda. Na sassauya su na kuma daidaita su zuwa dubu don misali, amma yanayin tafiyar kuɗin haka yake.

| Wata | Shiga | Fita | Saura |
|---|---:|---:|---:|
| Janairu | 412 | 305 | 107 |
| Fabrairu | 398 | 298 | 100 |
| Maris | 486 | 340 | 146 |
| Afrilu | 531 | 362 | 169 |
| Mayu | 505 | 351 | 154 |
| Yuni | 372 | 310 | 62 |
| Yuli | 268 | 281 | −13 |
| Agusta | 221 | 274 | −53 |
| Satumba | 259 | 283 | −24 |
| Oktoba | 344 | 462 | −118 |
| Nuwamba | 389 | 309 | 80 |
| Disamba | 405 | 315 | 90 |
| Jimla | 4,590 | 3,890 | 700 |

(Kowace lamba naira dubu ce: 412 na nufin naira 412,000.)

Zaman watan Agusta shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ran nan jadawalin wata ɗaya kawai na kai: an samu naira dubu 221, an kashe dubu 274. A cikin abin da aka kashe, dizal ya ci dubu 138, albashin yara biyu masu sayar da ruwa dubu 80, ƙananan gyare-gyare dubu 31, maigadi dubu 25. Tsohon hedimasta ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan layin dizal, ya ce wa ma'aji, "Malam, ina rasit ɗin?" Aka miƙa masa guda huɗu. Ya ciro biro ya tara su a bayan takardar, suka ba shi 138 cif. Ya gyaɗa kai ya miƙa wa liman.

Wannan aiki jadawali kaɗai ke iya yinsa. Ba a tara sanduna da biro, ba a kuma gwada tsawon layi da rasit. Sanda za ta nuna maka dizal ya fi komai cin kuɗi, amma ba za ta gaya maka ko 138 ne ko 141 ba, alhali a kuɗin jama'a wannan dubu ukun ita ke raba mutum da mutuncinsa. Jadawali kuma yana shiga rahoton taro yadda yake, ranar da mai binciken kuɗi ya zo ya same shi a rubuce. Akwai wani abu da masu sha'awar zane ke mantawa: ɗan kasuwar da bai yi nisa a boko ba ya shekara talatin yana karanta jadawali, domin littafin bashin shagonsa jadawali ne. Suna, kaya, kuɗi, abin da aka biya, abin da ya rage. Ba sai an koya masa ba. Zane kuwa sai an koya: sai an ce masa nan ƙasa watanni ne, nan gefe kuɗi ne, hawa na nufin ƙaruwa. Masu cewa zane ya fi sauƙi ga wanda bai yi karatu ba, galibi ba su taɓa ajiye zane a gaban dattijo suka ga yadda yake juya takardar ba.

To amma a wannan zaman ne kuma jadawalin ya kusa jefa mu cikin rigima. Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ya ga giɓin dubu 53, ya tuna watan jiya ma an samu giɓi, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, wata biyu a jere muna faɗuwa. Ko dai yaran nan na cin kuɗi, ko kuma a ƙara kuɗin jarka." Aka shafe kusan awa guda ana ja-in-ja. Hajiya ce ta ce ita dai a gidanta tun da ruwa ya zauna ba ta aiki yaro famfo ba, ruwan sama take tara a randa da baho, kuma rijiyoyin gida duk sun kawo. Gaskiya ta faɗa, sai dai takardar da ke hannunmu ba ta da abin da zai goyi bayanta. Jadawalin daidai yake, babu kuskuren kwabo, amma wata ɗaya ya nuna. Wanda ya leƙa ta ƙofa ɗaya ba zai san faɗin gida ba.

A zaman ƙarshen shekara na kai zanen layi. Watanni goma sha biyu a ƙasa, layi mai kauri na kuɗin shiga, layi mai ɗigo-ɗigo na kuɗin fita. Layin shiga ya tashi tun daga Maris, ya kai ƙololuwa a Afrilu lokacin da zafi ya tsananta rijiyoyi suka ja baya, sannan ya gangaro har ya nutse ƙarƙashin layin fita a Yuli, ya kai ƙarshen gangara a Agusta, bai sake hawa samansa ba sai Nuwamba. Layin fita kuwa kusan a miƙe yake, in ban da tsalle ɗaya a Oktoba. Ban gama bayani ba mai unguwa ya ɗora yatsa a kan kwarin ya ce, "Ai wannan damina ce." Ya sake nuna tsallen ya ce, "Wannan fa?" Na ce ranar da famfon cikin rijiya ya ƙone ne, aka kashe dubu 165 wajen gyara.

Duk wannan yana cikin jadawalin da ke sama. Sai dai kafin mutum ya ciro shi daga can, dole ya karanta lambobi ashirin da huɗu, ya riƙe su a ka, ya kwatanta kowace da maƙwabciyarta. Mai sana'ar lissafi yana yi a minti ɗaya. Mutum tara da suka taho daga kasuwa da gona, magariba na gabatowa, ba za su yi ba. Zanen ya ɗauke musu wannan nauyin, ya kuma fito da dalilin giɓin: abin da ake kashewa ba ya bin abin da ake samu. Daga Afrilu zuwa Agusta kuɗin shiga ya sauka daga 531 zuwa 221, wato fiye da rabi ya tafi, amma kuɗin fita daga 362 ya koma 274 kawai, domin albashi da maigadi ba su san damina ba. Da aka ga haka sai maganar ƙarin kuɗin jarka ta mutu, zargin yara ma ya mutu. Aka yanke cewa daga rarar bazara za a riƙa ware abin da zai toshe giɓin Yuli zuwa Satumba, wanda ya kama dubu 90, da kuma wani abu na daban don gyaran gaggawa. Lura da cewa ainihin adadin, dubu 90 ɗin, daga jadawali muka ciro shi. Zane ya nuna ramin, jadawali ya auna zurfinsa.

Wannan shi ne asalin abin da aka ƙirƙiro zanen don shi. William Playfair, mutumin Sukotlan da ya fara buga zanen layi da na sanduna a kan harkar tattalin arziki a 1786, cinikin Ingila da ƙasashen waje na shekaru masu yawa yake son nunawa, abin da ido ba zai iya kamawa a jerin lambobi ba. Tun daga tushe, aikin zane nuna tafiya ne da kwatanci.

Daga nan na samu ma'aunin da nake bi. Kafin in zana komai, ina gwada rubuta jimla ɗaya da za ta zauna a samansa. In na iya rubuta "Daga Yuli zuwa Oktoba abin da muke kashewa ya fi abin da muke samu", to akwai zance, zanen ya cancanci takarda. In kuwa abin da ya fito shi ne "Kuɗin shiga da na fita" kawai, to babu abin da nake son nunawa, ado nake nema, sai in bar jadawali shi kaɗai. Yawancin watanni haka abin yake. Rahoton Nuwamba ko na Disamba ba shi da labari: an samu, an kashe, an yi saura. Lambobi shida ko bakwai ba sa buƙatar zane. Wanda ya zana lamba biyu a sanduna biyu ya cinye rabin shafi don faɗin abin da baki zai faɗa a numfashi ɗaya.

Akwai kuma abin da zai iya hana rigimar Agusta ba tare da zane ba ko kaɗan: ƙara wa jadawalin gida ɗaya mai ɗauke da lambobin Agustan bara. Kuɗin da ke bin yanayi, a gwada shi da takwaransa na bara, ba da watan jiya ba. Wannan gida ɗaya yana yin rabin aikin zane. Sai dai a yi hattara da azumi da sallah, don suna dawowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara a kalandar bature, saboda haka watan da ya ɗauki azumi bara ba lallai ya ɗauke shi duka bana ba. In ya shafi cinikinku, a rubuta a gefen layin.

Yanzu ga inda zane ke cutarwa, kuma nan ne nake son mai shirya rahoto ya fi natsuwa, domin kuskuren jadawali ana kama shi da biro, na zane kuwa yakan wuce ba wanda ya ankara.

Na farko shi ne inda ma'aunin gefe ya fara. Ɗauki Nuwamba da Disamba, 389 da 405. Bambancinsu 16 ne, kusan kashi 4 cikin 100. In sandunan sun tashi daga sifili, za ka gan su kusan kai ɗaya, kuma gaskiyar ke nan. In kuwa ma'aunin ya fara daga 380, sandar Nuwamba za ta yi tsawon 9, ta Disamba 25, sai ido ya ga kamar ciniki ya kusa ninkawa uku. Ba sai mutum ya yi niyyar ha'inci ba. Manhajar lissafi ta Excel da kanta takan datse ma'aunin idan lambobin sun yi kusa da juna. Yadda za ka gane shi ne ka duba lambar da ke can ƙasan ma'aunin gefe. In ba 0 ba ce, ka danna ma'aunin da maɓallin dama, ka zaɓi Format Axis, a ƙarƙashin Bounds ka sa Minimum ya zama 0. Ga sanduna wannan dole ne, tun da tsawon sandar shi ne saƙon. Ga layi masana kan sassauta, amma ni a gaban kwamitin da ba su saba ba, layin ma daga sifili nake tayar da shi. Ranar da wani ya gano an datse, ba zai ƙara yarda da zanenka ba, wataƙila ma har da jadawalinka.

Na biyu, da'irar nan mai yanka-yanka. Tana da kyau a ido, shi ya sa ake sonta. Amma sa kuɗin Agusta a ciki ka gani: dizal zai ɗauki rabi, wannan a fili yake, sai dai gyare-gyare mai 31 da maigadi mai 25 za su fito kamar tagwaye. Binciken da William Cleveland da Robert McGill suka wallafa a 1984 ya nuna mutane sun fi yin daidai wajen kwatanta abubuwan da aka jera a kan ma'auni ɗaya fiye da kwatanta kusurwa ko faɗi. Ga kuma babbar matsala a rahoton wata-wata: da'ira ba ta nuna lokaci. Sai ka ajiye goma sha biyu a jere, ba kuma mai iya bin yanka ɗaya daga wannan zuwa waccan. In rabon kuɗin wata ɗaya kake son nunawa, sanduna a kwance daga babba zuwa ƙarami sun fi, ko ma jadawalin da aka jera haka.

Na uku ya shafi duka biyun, amma zane ya fi ƙara masa gishiri. Watanni ba tsawonsu ɗaya ba. A layinmu Fabrairu ya ɗan yi ƙasa da Janairu, 398 bayan 412, har wani zai ce ciniki ya ja baya. Raba kowanne da kwanakinsa: Janairu mai kwana 31 ya ba da kusan naira 13,300 a rana, Fabrairu mai kwana 28 ya ba da kusan 14,200. Ashe hawa aka yi. A Excel, in kwanan watan na gidan A3 a matsayin kwanan wata na gaske, kuɗin kuma na B3, wannan zai ba ka na rana ɗaya:

```
=B3/DAY(EOMONTH(A3,0))
```

Haka nan in an yi kwana biyar inji na kwance, a raba da kwanakin da aka yi aiki, a kuma faɗa.

Sai maganar takarda da wuta, wadda littattafan koyarwa ba su cika kulawa da ita ba. A kwamfuta layinka ja ne da kore, sun rabu sarai. Ka kai shagon hoto a buga baƙi da fari, su fito toka-toka iri ɗaya, ƙaramin akwatin da ke bayanin launuka ya zama banza. Ko da an buga da launi, akwai mutanen da idonsu ba ya raba ja da kore, kuma ba za su faɗa a taro ba. Shi ya sa nake yin layi ɗaya mai kauri, ɗaya mai ɗigo, in rubuta "Shiga" da "Fita" a bakin kowane layi kai tsaye. Layi biyu sun isa, uku iyaka ke nan. Dizal da albashi da gyara da maigadi da kuɗin shiga duk a zane ɗaya, taliya ce za ta fito. A kan tsallen Oktoba kuma ina rubuta "gyaran famfo, dubu 165" da ƙananan baƙaƙe, don kada tambayar ta cinye taron.

Jadawali ma yana da nasa ciwon. Mafi yawa shi ne cunkoso: ma'aji ya bugo shafin aikinsa gaba ɗaya, gidaje goma sha biyar, har da kwabo, rubutu kamar tururuwa. Wannan ba rahoto ba ne, ɗakin ajiya ne aka buɗe. Gida huɗu ko biyar sun ishi kwamiti. Lambobi su jeru ta dama, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, yadda dubu za ta zauna ƙarƙashin dubu, a sa waƙafi a raba su. Giɓi a sa masa alamar ragi, kada a dogara da jan launi. Jimla ta fito da kauri. Game da daidaita lamba kuwa, ina bambantawa: jadawalin shekara da ake kallo don fahimta, a dubu-dubu nake rubuta shi kamar na sama, amma na watan da za a amince da shi, har naira ta ƙarshe, domin shi ne za a gwada da rasit da takardar banki. In ka daidaita, jimla kan saɓa da ɗaya a wasu lokuta, sai ka rubuta a ƙasa cewa an daidaita, tun kafin hedimasta ya ciro bironsa.

In za a tura wa mutane a waya kafin zama, a nan zane ya ɗan fi, don ƙaramin allo yana ɗaukar layi biyu amma ba ya ɗaukar jadawali mai faɗi sai an yi ta ja da yatsa. Ka tura shi a matsayin PDF, domin WhatsApp na matse hoto, ƙananan lambobi su dushe. Sai dai ka tuna zanen da ya fita daga hannunka zai zaga unguwa ba tare da bayaninka ba. Kwarin damina da tsallen Oktoba, in ba a rubuta dalilinsu a jiki ba, kafin gari ya waye sun zama labarin an cinye kuɗin rijiya.

Abin da muka tsaya a kai yanzu shafi ɗaya ne. Kowane wata jadawali na nan ba fashi: abin da aka ɗebo daga watan jiya, abin da ya shigo, abin da ya fita layi-layi, abin da ya rage, gefe kuma lambobin wannan watan na bara. Zane ba ya zuwa sai sau huɗu a shekara, ko ranar da akwai shawarar da za a yanke, kamar sauya kuɗin jarka ko tunanin komawa sola. In ya zo, yana zama a saman shafin da jimlarsa ɗaya, jadawalin da aka ciro shi daga ciki yana ƙarƙashinsa, yadda duk wanda ya yi shakkar wani tudu zai sauke ido ya ga lambar. Ina fara karanta jimlar da ƙarfi, in nuna ƙasa in ce watanni, in nuna gefe in ce kuɗi, sannan in yi shiru in bar su su duba. Bayan haka ma'aji ya karɓa, a bi jadawalin layi-layi, ambulan ɗin rasit na ajiye a kan tabarma kusa da hedimasta.